Hoton miki a waya da abin da ake rubutawa a kati

Duk wanda ya yi aikin wankin ciwo a Legas ya san yadda waya ta shiga tsakaninmu da marasa lafiya. Mutum yana Ikorodu ko Alaba Rago, ɗakin shan maganinsa yana Agege, tsakani kuma ga gosulo da kuɗin mota. Sai ɗansa ya buɗe bandeji, ya ɗauki hoto, ya turo ta WhatsApp da saƙon murya: "Sista, ga ƙafar Baba, ko sai mun zo?" Mu ma a ɗakin jinya muna ɗaukan hoto don mai karɓar aiki da likita su ga abin da muka gani, kuma don a kwatanta makon jiya da na yau. Hoton yana da amfani, ba na musun wannan. Matsalar ita ce yadda ake karanta shi, da abin da ake zubawa a kati bayan an karanta. Sau da yawa za ka buɗe fayil ka tarar da layi ɗaya tal: ciwo yana da tsabta, yana warkewa, an wanke an ɗaure. Wannan layin ba ya gaya wa kowa komai. Wanda ya rubuta shi ya yanke hukunci ne, bai bar wa na bayansa abin da zai auna hukuncin da shi ba.

Zan bi miki guda ɗaya daga farko har inda ya kai, domin a kansa ne na fi fahimtar iyakar hoto.

Wani dattijo ne mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ɗan shekara sittin da 'yan kai, ya daɗe da ciwon suga. Ya zo da miki a tafin ƙafar dama, daidai tudun nan da ke ƙarƙashin babban yatsa, inda nauyin jiki ke sauka in mutum ya taka. Ya ce bai san lokacin da abin ya fara ba, safarsa ce ya ga tana jiƙewa. Wannan maganar kaɗai ta isa a rubuta ta, domin tana nuna jijiyoyin jin zafi na ƙafar sun mutu, kuma daga ranar ba za a dogara da "yana maka zafi?" ba wajen gano ko ƙwayar cuta ta shiga.

Kafin a yi maganar launi, sai an yi maganar yadda aka ɗauki hoton, don rabin kuskuren karatu daga nan yake fitowa. Ana ɗaukan hoto ne bayan an wanke mikin da ruwan gishirin asibiti, ba kafin ba. Abin da ke kwance a kan miki lokacin da aka cire bandeji, wani ragowar magani ne, wani zaren auduga ne, wani busasshen ruwan ciwo ne, duk suna tafiya da wanki. Abin da ya ƙi tafiya shi ne na mikin. Ana ajiye rula ta takarda a gefen mikin, a kwance daidai da fatar, a rubuta kwanan wata da lambar kati a jikinta, ba sunan mutum ba. Wayar ta fuskanci mikin kai tsaye, kada ta karkace, domin karkata kaɗan tana mayar da miki mai zagaye ya zama kamar ƙwai, tsawonsa ya ragu a ido. Nisa ya zama ɗaya kowane lokaci, haske ma haka. Ni na fi son hasken taga da rana. Fitilar waya tana sa jiƙaƙƙen nama ya yi ƙyalli fari-fari har a ɗauka mataccen nama ne, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuma yana shafa wa komai launinsa. Wayoyin yanzu ma da kansu suke gyara launi su ƙara masa armashi ba tare da an sa su ba, abin da ya yi wa hoton biki kyau amma yake ɓata hoton ciwo. Hoto biyu nake ɗauka aƙalla: na kusa, da na nesa wanda ya haɗa ƙafar gaba ɗaya, in da hali har da ɗaya ƙafar a gefenta. Amfanin lafiyayyar ƙafar zai fito nan gaba.

Sai izini. A tambayi mai ciwon, a gaya masa inda hoton zai je, a rubuta cewa ya yarda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin mara lafiya, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu. Hoton ƙafar dattijo ba abin da za a bari a wayar ma'aikaci ba ne yana cuɗanya da hotunan suna da walima.

A ranar farko mikin Baba tsawonsa santimita 3.0, faɗinsa 2.0, zurfinsa 0.4. Tsawo da faɗi hoto zai iya bayarwa in akwai rula. Zurfi kuwa sai an sa tsinken auduga mai tsabta a wuri mafi zurfi, a riƙe shi daidai bakin fata, a fito da shi a gwada a rula. Don a faɗi wuri a cikin miki, ana ɗaukansa kamar fuskar agogo: ƙarfe 12 wajen kai, ƙarfe 6 wajen ƙafa. A tafin ƙafa da yawa suna sa yatsu a 12, dunduniya a 6, amma tunda ba kowa ke bin wannan ba, gara a rubuta wanda aka bi tun a shafin farko, don kada mai karɓar aiki ya juya agogon.

Yanzu cikin mikin. Nama iri huɗu ne ake nema, kuma kowanne akwai ɗan'uwansa mai kama da shi da ke yaudarar ido.

Na farko shi ne sabon nama mai tasowa, wanda a ɗakin jinya muke kira giranuleshan. Lafiyayyensa ja ne mai haske, a jiƙe, fuskarsa tana da ƙananan ƙwayoyi kamar tsaba, ba sumul ba. Jan launinsa daga sababbin ƙananan hanyoyin jini yake. Amma ba kowane ja ne alheri ba, kuma a nan ne hoto ya fi yi mana ƙarya. Nama ja wur mai duhu kamar hanta, wanda da an taɓa shi da auduga sai jini, alama ce ta ƙwayoyin cuta sun yi yawa a wurin. Wanda ya taso ya haura bakin fata kamar naman kaza, ya yi laushi, shi ma ya wuce gona da iri, kuma sabuwar fata ba ta iya hawa kansa. Wanda jansa ya koɗe ya yi fari-fari, sumul, ba ƙwayoyi, yana nuna jini bai isa wurin ba, ko mai ciwon yana da ƙarancin jini. A hoto ukun nan da lafiyayyen duk "ja" ne, musamman in wayar ta ƙara musu kala. Shi ya sa kalmar ja kaɗai ba ta isa a kati ba. A ce ja mai haske ko mai duhu, mai ƙwayoyi ko sumul, yana jini in an taɓa ko ba ya yi, ya haura bakin fata ko bai haura ba. Na ƙarshen biyun kuma sai wanda ya tsaya a kan ciwon ne zai iya faɗa.

Na biyu shi ne mataccen nama mai laushi, silaf a bakin ma'aikata. Launinsa ruwan ɗorawa, ko fari-fari, ko toka-toka, wani yana da yauƙi da zare-zare, wani ya manne ƙam. Mutane suna ganinsa su ce mugunya ce. Ba ita ba ce. Mugunya ruwa ce, tana bin wanki ta tafi, shi kuwa yana nan bayan an wanke. Abin tsoro shi ne abubuwa biyu da ke kama da shi a hoto: jijiyar tsoka, wadda take fara mai sheƙi da layuka a jere, in an motsa yatsa ita ma ta motsa, da ƙashi, wanda yake da tauri in tsinke ya taɓa shi. Wanda ya ga hoto ya rubuta silaf alhali jijiya ce, ya buɗe ƙofar wani ya zo ya kankare abin da bai kamata a taɓa ba. A tafin ƙafa da bayanta, inda nama ba shi da kauri, duk fari a ƙasan miki abin zargi ne sai an tabbatar.

Na uku baƙin mataccen nama ne, eska, busasshe kamar ƙirgi ko kuma mai laushi da ɗoyi. Ba ɓawon ciwo ba ne: ɓawo busasshen jini ne da ruwan ciwo a saman fata, eska kuwa fatar ce da kanta ta mutu. Muddin yana rufe da miki ba a san zurfin abin da ke ƙasa ba, don haka ba a rubuta zurfi da ka. A rubuta cewa ba a ga ƙasan mikin ba. Akwai kuma inda ba a cire shi: busasshen eska a dunduniya, wanda ya manne, ba ruwa, ba kumburi, a ƙafar da jini ba ya isa sosai, ana barinsa a bushe har likita ya duba gudun jinin.

Na huɗu sabuwar fata ce mai rarrafowa daga baki zuwa tsakiya, siririya, ruwan hoda mai ɗan sheƙi. Ko a jikin baƙin mutum da wannan launin take fara fitowa, sai daga baya ta yi duhu, don haka kada dangi su tsorata su ce fatar ta ɗashe. Abokin kamarta ita ce fatar da ta jiƙa ta yi fari ta yamutse, kamar hannun wadda ta wuni tana wanki. Ɗaya ci gaba ne, ɗaya lalacewa ce, amma a hoton da fitila ta haska duk farin zobe ne a bakin miki.

Bayan an gane su sai a kimanta kason kowanne, jimilla ta kai ɗari. Na Baba a ranar farko na rubuta kashi 70 sabon nama ja mai haske, kashi 30 silaf da ya manne daga ƙarfe 5 zuwa ƙarfe 8, babu eska, babu jijiya ko ƙashi a fili. Kimantawa ce ta ido, ma'aikata biyu za su iya saɓawa da kashi goma, ba laifi. Abin da ake bi shi ne inda lissafin ya dosa daga mako zuwa mako.

A nan sai na yi ɗan ratse kan abin da mutanenmu ke zuwa da shi a kan ciwo. Wani ya zo an shafe mikin da maganin nan mai launin shunayya, wani aidin ya rina shi ƙasa-ƙasa, wani an fasa kafso an barbaɗa garin, wani garin magani ne na gargajiya, baƙi ƙirin. Duk waɗannan suna canza launin da ake karantawa. Mikin da aka shafe da shunayya ba a iya faɗin kason namansa, a hoto ko a ido, sai launin ya fita. Abin da ya dace a rubuta ke nan: an shafa kaza, launi ya rufe ƙasan mikin, ba a iya tantance nama yau ba. Rubuta wannan ya fi a ƙirƙiro kashi-kashi don a cika gurbi. Kuma a tambaya da lalama. In aka yi wa mutum faɗa, gobe zai wanke garin kafin ya zo, ba zai daina sa shi ba.

Bakin miki shi ne wurin da na fi daɗewa a kai, domin shi ke faɗin ko ciwon yana tafiya ko ya tsaya, kuma sau da yawa shi ke nuna asalinsa. Bakin da ya kwanta a hankali ya haɗe da ƙasan mikin, kamar gaɓar rafi, shi ne na mai warkewa. Bakin da ya yanke tsaf kamar an huda da ƙarfe, da ƙasa busasshiya fari-fari, yana sa a yi tunanin jini ba ya isowa ƙafar. Bakin da ya naɗe ciki ya yi kauri kamar leɓen tukunya yana nufin fatar ta lanƙwasa ta haɗu da kanta, ta ɗauka ta gama aiki, ba za ta ƙara matsowa ba sai an sabunta bakin. Tsohon gyambo ko tsohon tabon ƙuna da bakinsa ya taso ya juyo waje, yana tsiro kamar farin kabeji, wannan ba na wanki da ɗauri ba ne, sai an yanki nama an kai gwaji, domin ciwon daji yana iya fitowa a tsohon gyambo.

Na Baba kuwa kanta ce ta zagaye shi, fata mai kauri da tauri, ruwan ɗorawa, faɗinta kamar rabin santimita. Kanta a bakin mikin mai suga shaida ce cewa har yanzu ana taka wurin. Na ce masa, "Baba, kana zuwa kasuwa da ƙafar nan?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, albasa ba ta jira." Sai abin da hoto ba zai taɓa nunawa ba: da na zura tsinken auduga ƙarƙashin bakin, ya shige santimita 0.5 daga ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 4. Wato ciwon ya ci ƙarƙashin fata kamar yadda ruwa ke cin ƙasan gini, sama lafiya, ƙasa kogo. Dabarar da nake yi ita ce in zana iyakar kogon a kan fata da alƙalamin zana fata kafin in ɗauki hoton, don abin da hannu ya gano ya shiga cikin hoton shi ma.

Ruwan ciwo ba a mikin ake karanta shi ba, a bandejin da aka cire ne. Mikin da aka wanke ya riga ya rasa shaidarsa. Don haka in ana son hoto ya yi magana a kan ruwa, sai a ɗauki cikin bandejin kafin a jefar, a rubuta awa nawa ya yi a jiki. Gozi huɗu da suka jiƙe cikin kwana biyu daban ne da gozi huɗu da suka jiƙe cikin awa shida, amma a kati duka ana iya rubuta "ruwa da yawa". Launi da kauri kuma: garai-garai mai ɗan ruwan ɗorawa na al'ada ne, mai ɗan ja-ja tsinkakke shi ma haka, mai kauri da gurɓata mugunya ce, kore mai ɗan shuɗi yana nuna wata ƙwayar cuta da ake kira sudomonas. Akwai tarko a nan ma. Wasu filastocin zamani suna narkewa su bar wani abu mai kauri ruwan ɗorawa, har da ɗan wari, a ɗauka mugunya ce. Zuma, wadda ake amfani da ita sosai a wankin ciwo a ƙasar nan, tana jawo ruwa, sai bandeji ya fi jiƙewa a kwanakin farko. In ba a rubuta abin da aka ɗaura ba, wanda ya ga hoton zai kira likita a banza. Wari kuma a ji shi bayan wanki, domin tsohon bandeji a zafin Legas ko na lafiyayyen miki yana tashi.

Bayan kwana goma sha biyu ɗan Baba ya turo hoto. Ba su zo wankin da aka sa musu ba sau biyu, wani mai kemis a unguwa ne yake ɗaure masa. Saƙon yana cike da murna: "Sista, Alhamdulillahi, ramin ya ragu, kuma duk ya yi ja, ɗorawar nan ta tafi." Gaskiya ya faɗa, a hoton ramin ya fi ƙanƙanta kuma ja ne gaba ɗaya. Da zan rubuta daga hoton nan, da na rubuta ciwo yana warkewa.

Abubuwa uku suka hana ni. Babu rula, kuma yatsun ƙafar sun fi ƙanƙanta a wannan hoton fiye da na farko, wato daga nesa aka ɗauka, ramin dole ya ga kamar ya ragu. Jan ya yi duhu, kuma a gefen hoton akwai auduga da jini a jiki. Sannan zoben kanta ya ƙara faɗi, wanda ke nufin wataƙila ba mikin ne ya matso ba, kanta ce ta rufo kansa kamar murfi. Na ce ya ɗauko mini ƙafafu biyu a jere a bakin ƙofa, cikin hasken rana, ba fitila. Da hoton ya zo, babban yatsan dama ya fi na hagu kauri, layukan fatar da ke bayansa sun shafe, fatar tana sheƙi, kuma launinta ya fi na hagun duhu. Na ce, "Ka kawo Baba yau, kada ku bari sai gobe."

Wannan shi ne babban gibin da ke tsakanin littattafan da muka karanta da ƙafafun da muke wankewa. Littafi ya ce a nemi ja a kewayen miki, hotunan cikinsa kuma mafi yawa na farar fata ne. A baƙar fata jan nan ba ya fitowa ja. Yana zuwa ne a matsayin ƙarin duhu, ko shunayya-shunayya, ko wani toka-toka mai sheƙi, wani lokacin ma ido ba ya kama komai. Wanda ya rubuta "babu ja" a katin baƙin mutum don bai ga ja a hoto ba, bai faɗi ƙarya ba, amma bai faɗi komai ba. Abin da ke maye gurbinsa shi ne kwatanta da ɗaya ƙafar, sannan hannu: bayan hannu don jin ɗumi, yatsa don jin tauri da kumburi. A auna inda canjin launi ko taurin ya tsaya daga bakin mikin, a zana iyakarsa da alƙalami, a sa kwanan wata da lokaci. Gobe in ya tsallake layin, ba sai an yi gardama ba.

Ƙa'idar da masana ciwon ƙafar masu suga suka tsayar a duniya tana da sauƙin riƙewa. Ana cewa ƙwayar cuta ta kama miki in an sami aƙalla biyu daga cikin biyar: kumburi ko tauri, canjin launi da ya wuce rabin santimita daga baki, zafi ko jin ciwo in an danna, ɗumi, da mugunya. In canjin launin bai kai santimita 2 ba kuma abin bai wuce fata da kitsen ƙarƙashinta ba, mai sauƙi ne. In ya kai santimita 2 ko ya wuce, ko ya shiga jijiya, gaɓa ko ƙashi, matsakaici ne. In jiki gaba ɗaya ya amsa da alamu biyu ko fiye, kamar zafin jiki sama da digiri 38 ko ƙasa da 36, bugun zuciya sama da 90 a minti, numfashi sama da 20, to mai tsanani ne. A duba biyar ɗin nan da kyau: ɗumi da zafi ba sa shiga hoto ko kaɗan, tauri ma haka, canjin launi a fatarmu da ƙyar, mugunya kuma tana iya ɓuya a kogo. Abin da ya rage wa hoto shi ne kumburi, shi ma sai an haɗa da ɗaya ƙafar. Ga mai suga kuma zafin ma an cire shi, zazzaɓi kuma yana iya ƙin zuwa ko da ciwon ya yi nisa. Wani lokacin alamar farko ita ce suga ya ƙi sauka ba gaira ba dalili.

Da suka iso da la'asar, ga abin da na samu, kuma kusan haka na zuba shi a kati. Buɗaɗɗen bakin miki 2.6 da 1.7, ya ragu daga 3.0 da 2.0. Zurfi 0.9, ya ƙaru daga 0.4. Kogo ƙarƙashin baki 1.5 daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 5, a da 0.5 ne daga 2 zuwa 4. Nama kashi 100 ja mai duhu, yana jini da an taɓa. Kanta ta kai santimita ɗaya, gefenta na ciki ya jiƙa ya yi fari. Da aka danna bayan yatsa mugunya mai kauri ta fito daga ƙarfe 1, akwai wari bayan wanki. Fata ta fi ta hagu duhu da ɗumi har santimita 3 daga baki, an zana iyaka da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mai ciwo ya ce ba ya jin zafi. Zafin jiki 37.4, bugun zuciya 88. Ana jin bugun jini a bayan ƙafa. An sanar da likita nan take.

In aka ninka tsawo da faɗi, girman mikin ya sauka daga 6.0 zuwa kusan 4.4, ragin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasa da mako biyu. A takarda wannan abin murna ne, domin wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna mikin ƙafar mai suga da ya rage kusan rabin girmansa cikin mako huɗu shi ne ya fi yiwuwar rufewa cikin mako goma sha biyu, kuma ana amfani da wannan ma'aunin har yau. Amma ma'aunin yana aiki ne in bakin da aka auna shi ne bakin gaskiya. A nan ƙofar ce ta ƙanƙance, ɗakin ya faɗaɗa. Ninka tsawo da faɗi ma kansa yana ba da fiye da ainihin girman mikin, tunda miki ba murabba'i ba ne, sai dai in kullum haka ake yi, kwatancen yana tsayawa.

A lura kuma da abin da ban rubuta ba. Ban rubuta cewa ƙashi ya kamu ba, don ban sani ba, kuma ba hurumina ba ne. Likita ne zai sa ƙarfen gwaji ya ji ko ya taɓa ƙashi, ya nemi hoton ƙashi, ya ɗauki nama daga ƙasan mikin bayan an wanke don gwajin ƙwayar cuta, maimakon shafo ruwan sama wanda kowace irin ƙwaya ke ciki. Aikina shi ne in bar masa lambobi da siffa waɗanda ko bai ga jiya ba zai san jiya. In kuma daga hoto kaɗai nake rubutu, kamar na safiyar ranar, sai in faɗa a layin farko: daga hoton da ɗan mai ciwo ya turo, babu rula, ba a auna zurfi, kogo, ɗumi ko wari ba.

Likita ya duba, ya ce matsakaici ne kuma ya fi ƙarfin ɗakinmu, ya rubuta takardar tura shi babban asibiti a daren. Da aka fere kantar a can, bakin mikin na gaskiya ya fito 4.1 da 3.2. Ɗan ya kira ni bayan kwana biyu yana cewa, "Sista, sun ƙara masa ramin." Na ce ya buɗe hoton da muka ɗauka da la'asar ɗin nan, ya dubi layin alƙalamin da na zana a kan kogon, ya gwada da abin da yake gani yanzu. Ya yi shiru, sannan ya ce daidai layin suka yanka.